Amanar Mai Wankan Gawa

A unguwarmu, cikin lungunan Ƙofar Dumi, idan mace ta rasu Inna ake kira. Ita ke wankan gawa. Ba sana'a ba ce, babu mai biyan ta, ta koya ne a wurin tsohuwar da ta riƙe ta. Da an yi sallama an ce wance ta cika, za ta ajiye abin da ke hannunta, ko tuwo take tuƙawa, ta yafa mayafi ta fita. Idan ta dawo ta watsa ruwa, sai ta koma kan tukunyarta. Ban taɓa jin ta ce ga abin da ta gani ba. Ina ƙarama nakan tambaye ta, don ni tun asali ba na iya haɗiye tambaya, sai ta ce mai wanka hannu gare ta, ba ta da baki. Saboda wannan shirun nata ne mata ke barin wasiyya cewa ita za ta wanke su.

Mu biyu ta haifa mata, ni da Yaya. Yaya ce 'yar fari, ni ce auta, tsakaninmu akwai shekaru fiye da goma da 'ya'yan da ba su zauna ba. Inna na kunyar Yaya irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunanta, ba ta zama tabarma ɗaya da ita. Idan za ta ambace ta sai ta ce “ta Fadaman Mada”, don can Yaya ke aure, can kuma take ɗinki a ɗakin da ke zauren gidansu. Ni wannan kunyar haushi take ba ni tun ina makaranta. Kin haifi mutum, kuma kin kasa kallonsa.

Yaya ta ji ƙullutu a nononta na hagu lokacin da take yaye 'yarta ta biyu. Shekararta talatin da shida. Aka ce nono ne ya daskare, a gasa da ruwan zafi. Aka gasa. Aka kawo na shafawa daga wurin wani mai magani, ta shafa har fatar ta saɓule. Damina ta wuce, aka shiga kaka, tana ɗinkin mutane tana cije leɓe. Ranar da na kama ta tana ɗaga almakashi da hannu biyu na ce mata gobe asibiti, ko ta taka da ƙafarta ko in tara mata unguwa. Ta san zan iya.

A babban asibiti aka yanki ɗan nama aka tura gwaji. Ya dawo ciwon daji, kuma ya riga ya kai hammata. Ni ke raka ta, don ni ce mai ɗan turancin sakandare da kuma bakin tambaya. Likitar da ke duba ta mace ce, ba ta da yawan fara'a, amma ba ta kewaye-kewaye, shi ya sa jinina ya haɗu da nata. Ta ce irin na Yaya mai gudu ne, ba ya jin ƙwayoyin da ake ba wasu mata su yi shekaru suna sha, sai dai ƙarin ruwan kemo. Aka fara. Gashin Yaya ya zube, abinci ya daina yi mata ɗanɗano.

A zuwanmu na uku ko na huɗu likita ta jawo farar takarda ta ce za ta zana danginmu. Ta yi da'ira ta ce Yaya ce, ta yi wata ta ce ni ce. Ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa yin daji a cikin dangi. Yaya ta ce babu. Ta lissafo Inna da ƙannenta mata da kakarmu ta wajen uwa, wadda har yau ke tauna goro da haƙoranta, ta ce duk ƙalau suke. Likita ta ce to wajen uba fa. Yaya ta yi 'yar dariya, ta ce ai maganar nono ake yi, me ya haɗa Baba da nono.

Likita ta ajiye biro ta yi mana bayani, kuma na riƙe shi don na sa ta maimaita. Ta ce akwai wasu ƙwayoyin halitta guda biyu da ake kira BRCA, na ɗaya da na biyu, kowa na da su, mace da namiji, aikinsu gyara ɓarnar da ke faruwa a cikin ƙwayoyin jiki. Kowannensu mutum na karɓar ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan wanda ka karɓa ya zo da tangarɗa, gyaran ba ya cika, sai hatsarin dajin nono da na jakar ƙwan haihuwa ya ƙaru sosai. Uba na iya ɗauke da shi bai taɓa ciwon komai ba ya miƙa wa 'yarsa. Duk ɗan da mai tangarɗar ya haifa, rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Ta ce yawancin dajin nono ba gado ba ne, kada mu tafi da wannan. Amma akwai waɗanda ya kamata a zaunar da su a ba su shawara kan gado: wadda ya kama da ƙuruciya, wadda ya kama nono biyu, duk wadda ta yi na jakar ƙwai komai shekarunta, namijin da ya yi na nono, da gidan da aka samu mutum biyu ko uku a ɓangare ɗaya. Ta ce Yaya, da shekarunta da irin dajinta kaɗai, ta shiga ciki.

Na ce to a gwada ni mana, ga hannuna. Ta ce ba haka aka fi so ba. Da mai ciwon ake farawa. Idan an samu tangarɗar a jinin Yaya, an san takamaiman abin da za a nema a nawa, kuma in ba a gan shi ba na fita daga wannan gadon. Amma idan ni aka fara aka ce babu, ba wanda zai iya cewa na tsira ne, ko kuwa dama abin da ke cin gidanmu wani ne daban da gwajin bai gani ba. Ta dube ni ta ce jinin yayata na da amsar da nawa ba shi da ita. Ba ta ƙara da cewa muddin tana raye ba, amma na ji.

Yaya ta ƙi. A cikin keke napep muna komawa ta ce gwajin ba a nan ake yi ba, sai an tura jini nesa, kuma tsadarsa ta ji da kunnenta. Mijinta ya riga ya sayar da abin sayarwa saboda kemo, ita ba za ta ɗora masa wani abin da ba zai warkar da ita ba. Na ce likita ta ce zai iya taimakawa wajen zaɓen magani. Ta ce “zai iya” ba abinci ba ne. Na ce 'yan matanki biyu fa. Da muka wuce shataletale ta ce:

“Auta, kawo mini mutum ɗaya a jininmu da ya yi wannan ciwon. Ɗaya tak. In kin kawo, su ɗebi jinin har ya ishe su. In babu, ki ƙyale ni in ji da abin da Allah ya ɗora mini.”

Ta faɗa ne don ta rufe mini baki, don ta tabbata babu. Ni kuwa tun a gaban likita raina ya tafi kan goggonninmu biyu, 'yan'uwan Baba ciki ɗaya. Goggo Babba ta rasu ina 'yar ƙarama, abin da na sani kawai shi ne ta yi jinya, kuma ba ta tsufa ba. Goggo Ƙarama kuwa ina aji biyu na sakandare ta rasu, na tuna ta sarai. Cikinta ya yi ta girma har mata na tsokanar ta wai za ta yi wa 'yan matanta ƙane, ita kuma sai ramewa take ta sama. Aka kwantar da ita asibiti, aka dawo da ita gida, ta rasu. An ce ciwon ciki. A gidanmu duk abin da ya kashe mace ciwon ciki ne ko kwana ya ƙare. Kuma duka biyun Inna ce ta wanke su. Goggo Ƙarama ma ita ta yi jinyarta.

Na fara da Baba, don na san nasa mai sauƙi ne. Na same shi a rumfarsa ta hatsi a kasuwar Muda Lawal yana duba bakin buhun masara. Na durƙusa na gaishe shi na tambaye shi me ya kashe 'yan'uwansa. Ya dube ni kamar na zo da wani yare. Ya ce Allah ya ji ƙansu, lokaci ne ya yi. Na matsa, ya ce shi ya biya magani, ya yi musu salla, ya raka su makwanci, bai san wani abu bayan wannan ba. Na yarda da shi. Namiji a gidanmu ba ya tambayar 'yar'uwarsa ina ke ciwo idan ciwon na tsakanin wuya da gwiwa.

Inna na tsince shinkafa na zauna gabanta. Ban yi wani shimfiɗe-shimfiɗe ba, na ce me ta gani a jikin Goggo Babba ranar da ta wanke ta. Hannunta bai tsaya ba. Ta ce ban da hankali. Na kwashe bayanin likita duka na zuba mata, ta bar ni na gama, sannan ta ce nonon wa muka sha. Na ce nata. Ta ce to ita lafiyarta lau, uwarta lafiya lau, in da a gado ne da ta nan zai biyo. Na ce ba a ruwan nono yake ba, a jini yake, kuma rabin jininmu na Baba ne. Ta ce likitoci ba sa rasa abin faɗa. Wallahi ba ƙarya take yi mini ba, har cikin ranta ta yarda cewa abin da ta gani ba shi da wata alaƙa da 'yarta. A ganinta ina neman ta tona asirin matattu ne a banza, don in ƙosar da son jin ƙwaƙwaf.

Na je wurin malamarmu ta Islamiyya na tambaye ta. Ta ce gaskiya ne ana son mai wanka ta rufe abin da ta gani, amma an yi hakan ne don kada a ci mutuncin mamaci, in kuwa faɗar zai ceci mai rai, kuma ga wanda ya dace za a faɗa, ba ta ga laifi ba. Na kawo wa Inna wannan da zafinsa, ina ganin na gama da ita. Ta ce malama ta yi karatu, Allah ya ƙara mata, amma ba malama aka riƙe wa hannu aka roƙa ba. Daga nan na san akwai abin. Daga nan kuma ta daina amsa mini. Idan na ɗauko maganar sai ta tashi ta ɗauki buta.

Haka muka ci watanni. Ni ina faɗa, Inna na shiru, Yaya na ƙarewa. Kemo ya ɗan rage ƙullutun, sannan ya dawo da ƙarfinsa, ya fashe ya zama gyambo. Ta fara tari, aka yi hoto aka ce ya taɓa huhu. Mijinta mutumin kirki ne amma ba ya iya kallon jini, kuma dole ya fita nema, sai aka dawo da ita gidanmu jinya. Aka ba ta ɗakina. Ni ke wanke ciwon safe da yamma yadda nas ta koya mini, da ruwan gishiri da auduga da bandeji. Warin ba ya fita daga hannu ko da an wanke da omo. Inna ke dafa mata kunu da farfesu, ta wanke zannuwanta, ta yi ta addu'a, amma a bakin ƙofa take ajiye kwano. Ba ta taɓa shiga lokacin da ciwon ke buɗe ba. Sai ta tsaya bayan labule ta ce mini, ya mai jikin.

Kowane zuwa asibiti likita kan ɗaga ido ta dube ni, in girgiza kai. Ba ta taɓa matsa wa Yaya ba. Ta ce wannan gwajin ba a yi wa mutum dole, jininsa ne. Na ce mata ai shi ya sa nake ganin aikinsu da sanyi. Ta ce in na zama likita in yi nawa da zafi.

Wata ranar Laraba da hantsi na haɗa ruwa, na kwance bandejin, na ɗaga audugar da ta manne. Yaya ta runtse ido. Na ga yadda wuyanta ya zama kamar na kaza, na ga ba ta da sauran lokacin da za a yi ta lallashi. Na miƙe na fito tsakar gida na ce wa Inna na bar ciwon a buɗe, ga ruwa can yana hucewa, ni na tafi kasuwa. Ta ce in koma in rufe. Na ce ba zan koma ba, hannunta ya wanke matan unguwar nan kaf, sai 'yarta ce zai gagara. Na sa takalmi na fita. Ban je kasuwa ba, a zauren maƙwabta na zauna ina jin yaran makarantar allo na karatu. Har yau in aka mayar da ni ranar haka zan yi.

Da na dawo na tarar an ɗaure ciwon, ɗauri mai kyau, ya fi nawa. Inna na zaune a bakin gadon. Ban taɓa ganin ta zaune kusa da Yaya haka ba. Ba ta dube ni ba, bango take kallo, kuma da Yaya take magana, kai tsaye.

“Haka na babbar goggonku yake. Nan gefen, har hammata. Ta naɗe shi da tsumma shekara guda ba wanda ya sani, sai da na zo wanka na kwance. Ba ta kai arba'in ba.”

Yaya ta ce, “Goggo Ƙarama fa, Inna?”

“Ita a gabana likita ya faɗa. Daji ne a jakar ƙwai. Ta riƙe hannuna ta ce kada 'ya'yanta su ji, kada kowa ya ji, a bar su su yi aure.” Ta gyara bakin mayafinta. “Na ce mata to.”

Ba wanda ya yi kuka. Yaya ta juyo ta dube ni ta ce na ci, mutum ɗaya ta nema na kawo biyu. Inna ta tashi ta ɗauki kwanon ruwan ta fita da shi. Ran nan ba ta ci abinci ba.

Ita ta gaya wa Baba, ban san da wane baki ba. Washegari ya kira ni ya ce nawa ne kuɗin gwajin, ya kuma ce kada mijin Yaya ya ji nauyin. Da zan tashi ya ce, wato daga wurinsa ne. Na ce likita ta ce alamu can suka nuna, amma ba wanda ke zaɓar abin da zai ba ɗansa, shi ma ba shi aka yi. Ya ce haka ne. Bai ƙara ɗago maganar ba, kuma da aka ce shi ma ya kamata a riƙa duba masa ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, don maza masu wannan tangarɗar na da nasu hatsarin, ya ce ya ji.

Ba a ɗebi jinin nan take ba. Likita ta ce masu ba da shawara kan gado ba su da yawa a ƙasar nan, sai ta haɗa mu da wata ta waya, muna ganin fuskarta. Matar ta sa aka sake zana dangin, yanzu da goggonni biyu da aka ja wa layi. Ta ce ba mu da takardar asibitinsu, amma abin da Inna ta gani da wanda ta ji ya isa a yi aiki da shi. Ta gaya wa Yaya amsa na iya zuwa iri uku: a samu, ko a rasa, ko a ga wani canji da ba a san ma'anarsa ba tukuna. Ta tambaye ta wa take so a gaya wa sakamakon in ba ta iya zuwa karɓa ba. Yaya ta nuna ni da haɓa ta ce, wannan, ai ko ba a ba ta ba sai ta ƙwace. Sai da nas ta sha wuya kafin ta samu jijiya, duk sun ƙone da kemo. Kwalba ƙarama ce, ba ta kai ɗan yatsana ba. Na tsaya ina kallon ta ina tunanin watannin da muka kashe a kanta.

Yaya ba ta ji amsar ba. Ta rasu da azahar, ana kiran salla, kanta a cinyata. Inna ba ta wanke ta ba, wata maƙwabciya aka kira. An yi sadakar bakwai da 'yan makonni likita ta kira ni. An samu. BRCA na ɗaya.

Nawa ya fi sauƙi, tunda an san abin da ake nema. An sake zaunar da ni kafin a ɗiba, aka tambaye ni ko na shirya jin kowace amsa, ko akwai wanda zan jingina da shi. Na ce su ɗiba kawai. Da ya dawo likita ta ce in zauna, na ce a tsaye ma ina ji. Ina da shi.

Ta ce ba ciwo ba ne, ba ni da daji, kuma akwai masu ɗauke da shi da ke tsufa ba su yi ba, amma hatsarina ya fi na sauran mata nesa ba kusa ba. Ta ce in san nonona kamar tafin hannuna, in riƙa zuwa ana duba ni, da hoto na musamman duk shekara, wanda sai na yi tafiya kafin in samu. Na jakar ƙwai ne ba shi da gwajin da za a dogara da shi, shi ya sa ake ba da shawarar in na gama haihuwa, kafin in kai arba'in, a cire su. Akwai ma masu zaɓar a cire nonon tun lafiya lau. Ban yi aure ba, ana yi mini lissafin ranar da zan daina haihuwa. 'Yan matan Yaya kuwa ta ce a bar su, ba a gwada yara, sai sun girma sun zaɓa da kansu. Aikina in tabbata sun sani in lokacin ya yi.

Sauran aikin shi ne dangin Baba. Aka ce ya kamata su ji, musamman 'ya'yan goggonnin nan. Goggo Babba ba ta bar baya ba. Goggo Ƙarama ta bar mata uku, duk sun yi auren da ta so musu. Na gaya wa Inna zan je. Ta ce ta san za a zo nan.

Babbarsu na samu, tana soya awara a ƙofar ɗakinta. Na yi mata bayani yadda aka yi mini, har da rabi da rabin, in mahaifiyarsu na ɗauke da shi kamar yadda ake zato. Ta saurara tana juya awara. Da na gama ba ta tambayi inda ake gwajin ba. Ta ce:

“Wa ya gaya miki abin da ya kashe uwata?”

Na ce ba wannan ne abin ji ba.

“Ni da ta haifa ban sani ba, ke kin sani. Mutum ɗaya ce ta kwana da ita a asibiti, ita ce kuma ta wanke ta.”

Na ce eh, Inna ce, kuma da ba ta faɗa ba da ni ma ina zaune cikin duhu kamar ita 'yar goggon. Ta ce in gaida mutanen gida. Ƙanwarta ta tsakiya ta kira ni daga baya a ɓoye ta tambayi sunan gwajin, ta ce in rubuto mata. Ban san ko ta je ba. Ta ukun mijinta ya ce kada in ƙara taka masa gida da maganar daji.

Magana ba ta kwana a dangi. Kafin wata ya zagayo unguwa ta ji cewa ciwon gidanmu na gado ne, ta kuma ji daga bakin da ya fito. Wanda ke zuwa zance wurina ya fara da cewa aiki ya yi masa yawa, daga baya ya daina kira. Ban bi shi ba. Dama ni na gaya masa da bakina, ya ce ba komai, Allah ke tsarewa, kuma na ga idonsa lokacin da yake faɗa.

Na Inna ya fi ci mini rai. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ce mata komai. Wata tsohuwa a bayan layinmu ta rasu, wadda kowa ya san ta sha cewa Inna ce za ta wanke ta. Muka ji salati, muka ji an fara shiga gidan. Inna ta ajiye tsintsiya ta ɗauko mayafi ta zauna a bakin ƙofar ɗaki, tana jiran sallama. Ba a aiko ba. Can muka ji an ɗauko wata daga wata unguwa a kan mashin. Ta ninke mayafin ta mayar, ta ɗauki tsintsiyarta.

Na ce mata mutanen banza ne, shekara nawa tana yi musu. Ta ce in iya bakina, suna da gaskiya, ita ma da ita ce ba za ta kira mai baki ba. Ta share tsakar gidan har wajen rariya, sannan ta tsaya ta ce, ba tare da ta juyo ba:

“To ke da kika sani yanzu, ya hana ciwon zuwa?”

Na ce a'a, bai hana ba. Sai dai in ya zo ba zai same ni ina gasa shi da ruwan zafi ba.

Ta ce yaushe ne zuwana asibiti na gaba. Na ce farkon wata. Ta ce in tashe ta da wuri, za ta raka ni.